ZARE: Fuskar agogon Baba ta dafe, a sake mata fenti ko a bar ta?

1/ Jama'a, yau zaren na tsohon agogo ne. A gidaje da yawa daga Gandi zuwa Rabah, Wurno da Goronyo, akwai agogon Baba ko na Kaka ajiye cikin adaka, fuskarsa ta yi ruwan ƙasa, lambobin sun koma kalar madara. Matashi na ɗauko shi, abin da zai fara zuwa ransa shi ne a kai wa mai gyara ya wanke fuskar ya sake mata fenti. Dakata tukuna, ɗan'uwa. Karanta wannan kafin ka fita.

2/ Tambayar ita ce: wanne ya fi daraja, fuskar asali da ta tsufa ta canza launi, ko wadda aka sabunta ta dawo tana walƙiya? A wajen masu tara tsofaffin agogo, ta asali ce, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Amma akwai sharuɗɗa, kuma a wajen sharuɗɗan nan mutane ke asarar kuɗi. Wannan ra'ayin ma bai daɗe ba. Shekara 50 da suka wuce akasinsa ake yi.

3/ Mu fara da gida. Kalmar agogo kanta aro ce daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa. Kuma har gobe muna cewa "ƙarfe nawa?" saboda a da ƙarfe ake bugawa a sanar da sa'a. Kakanninmu da hantsi, walaha, azahar da la'asar suke yanka rana. Agogon hannu ya fara ne a hannun sarakuna, alƙalai, malaman makaranta da ma'aikatan En'e, kafin ya sauko ga kowa.

4/ Abin da ya watsa shi ƙauyuka shi ne kuɗin mai da aikin Hajji. An fito da naira a Janairun 1973, tana da ƙarfi, kujerar Makka ta zo hannun manomi da ɗan kasuwa. A 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000. Tsarabar kuwa sananniya ce: darduma, tasbaha, rediyo, haƙorin Makka, da agogo daga kasuwannin Jidda, Makka da Madina.

5/ Shi ya sa in ka buɗe adakar tsofaffinmu, sunayen da za ka fi gani su ne Seiko 5, Citizen, Orient, Rado, West End, jefi-jefi Omega. Seiko 5 ya fito a 1963, Rado DiaStar a 1962. Waɗannan agogunan yanzu sun kai shekara 40 zuwa 50 a ƙasarmu. Duk ranar Sakkwato da ƙurar hunturu da suka sha, tana rubuce a fuskarsu.

6/ To mece ce fuskar agogo? Faifai ne siriri, galibi na tagulla. A masana'anta ana shafa masa launi, a buga suna da layukan mintoci da hatimi mai laushi, a ɗiga sinadarin da ke haske da dare a kan lambobi da hannuwa, a kuma rufe fentin da man ƙyalli mai kama da gilashi. Hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da irin tsufansa.

7/ Rana da zafi suna cin man ƙyallin nan da fentin da ke ƙarƙashinsa sannu a hankali. Farar fuska takan koma kalar madara ko ta zuma. Wasu baƙaƙen fuskokin na shekarun 1950 da 1960, musamman na Rolex da Omega, sukan koma ruwan ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa. Wannan launin tsufa shi Turawa ke kira fatina. Baƙar da ta koma ruwan ƙasa kuma suna ce mata turofikal, wato 'yar ƙasar zafi.

8/ Abin dariyar shi ne, asalinsa aibi ne. Haɗin fentin ne bai jure rana ba. Kamfanonin ba su yi da niyya ba, kuma ba su yi alfahari da shi ba. A shekarun 1960 da 1970 in ka kai agogo sabis, fuskar da ta dafe cire ta ake yi a sa sabuwa, ko a aika wa masu sake fenti. Mai agogo ya karɓa yana murna. Agogo kayan aiki ne a lokacin, kamar keke: in ya tsufa a gyara.

9/ Me ya juya lamarin? Batir. Ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir na farko da aka sa a kasuwa. Cikin shekara 15 agogon batir ya yi araha, ya fi na wani kiyaye lokaci. Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun ragu daga wajen 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. A nan gida ma, bayan naira ta faɗi a 1986, ɗan Casio na roba ya maye gurbin tsarabar Alhaji.

10/ Da agogon inji ya daina zama dole, sai ya koma kayan tarihi. Gidan gwanjo na Antiquorum, wanda aka kafa a Janeba a 1974, ya yi gwanjo na musamman a 1989 na agogunan Patek Philippe kaɗai, lokacin da kamfanin ya cika shekara 150. 'Yan Italiya su ne kan gaba a tara tsofaffin Rolex. Daga nan tambayar mai saye ta canza daga "yana aiki?" ta koma "an taɓa shi?"

11/ Ga dalilin, kuma lissafi ne na kasuwa zalla. Inji in ya lalace ana sake masa sassa, ba wanda zai gani. Gilashi ana canzawa, madauri ana canzawa. Fuska kuwa sau ɗaya masana'anta ke buga ta. Ranar da aka kankare ta, shi ke nan, ba mai dawo da ita ko nawa za ka biya. Kowace shekara fuskokin asali raguwa suke, masu nemansu na ƙaruwa.

12/ Kuma da yake an shafe shekaru ana cire dafaffun fuskoki ana zubarwa, waɗanda suka tsira ba su da yawa. Ga shi babu biyu da suka dafe iri ɗaya, domin kowace da ranar da ta sha. Abin da aka ƙi jiya shi ya zama abin nema yau. Hausawa sun riga sun faɗa: da tsohuwar zuma ake magani.

13/ Misalin da kowa ke kawowa: Rolex Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman. Gidan gwanjo na Phillips ya sayar da shi a birnin New York ranar 26 ga Oktoba 2017 kan dala 17,752,500. Fuskar tana nan yadda take, da tsufanta. Amma a yi adalci, mafi yawan kuɗin nan sunan mai agogon aka saya. Misali na biyu ya fi koyar da mu, don haka a nan za mu zauna.

14/ Nuwamba 2021, Janeba. Phillips ya fito da Omega Speedmaster na 1957, samfurin farko, lamba 2915-1. Fuskarsa baƙa ce a asali, ta koma ruwan ƙasa mai kyau, launin ya bazu daidai ko'ina. Gidan gwanjon ya ƙiyasta zai yi faran na Suwizalan 80,000 zuwa 120,000. Da aka buga guduma, da kuɗin gida da komai, ya tashi 3,115,500. Kusan dala miliyan 3.4.

15/ Ku yi lissafin da kanku. 3,115,500 a raba da 120,000, ya kusa ninki 26 na ƙololuwar ƙiyasin. Ba a taɓa sayar da Omega a gwanjo da tsada haka ba. Duk labaran da aka buga a lokacin, kan launin fuskar suke. Wanda ya saya kuwa? Kamfanin Omega da kansa, don ajiyewa a gidan tarihinsa.

16/ Sai ga Yunin 2023. Jaridar NZZ ta Suwizalan ta fasa ƙwai, Omega kuma ya fito ya tabbatar: agogon ɗan haɗi ne. An tattaro sassa daga agoguna daban-daban, galibinsu na asali, aka harhaɗa su jiki ɗaya. Kamfanin ya zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki, ya ce shi da gidan gwanjon duk an yaudare su.

17/ Darasi biyu ne a nan. Na farko, launin tsufa mai kyau yana iya ɗaga farashi sama da duk abin da hankali zai ɗauka. Na biyu, kyan fuska shi kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da ake biya shi ne tabbacin cewa wannan fuskar da wannan injin da wannan jikin tare suka fito, tare suka tsufa. In tabbacin ya karye, kuɗin ya bi ruwa. Kuma in masu ƙera agogon da kansu sun faɗa rami, ni da kai sai mu taka a hankali.

18/ A nan ne agogon adaka ya fi na kanti. Agogon da Baba ya sayo da hannunsa, ya ɗaura shekara 30, ba wanda ya yi masa haɗi don ya ci riba. In akwai hoton Baba da shi a hannu, ko akwatinsa, ko takardar shagon da ya saya, to kuna riƙe da abin da dillalan Turai ke wahalar nema. Kar a jefar da su.

19/ Yanzu sharaɗi na farko, kuma shi ya fi shafarmu: ba kowace dafewa ce fatina ba. Akwai tsufa, akwai lalacewa. Tsufa aikin rana ne da shekaru, yana tafiya a hankali, launi ɗaya ko'ina, rubutun yana nan garau ana karantawa. Lalacewa aikin ruwa ne, kuma ruwa ba ya yin ado.

20/ Ta ina ruwa ke shiga? Akwai 'yar roba a murfin baya da wata a kan da ake wana agogo. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da su su tsage. Daga nan sai gumi, sai ruwan alwala sau biyar a rana in ba a cire agogon ba, sai aikin fadama wajen masu albasa da shinkafa a Wurno da Goronyo, sai raɓar damina. Alamar farko ita ce gilashin ya yi hazo daga ciki da safe.

21/ Yadda za ka gane aikin ruwa: tabo mai baki-baki kamar taswira, galibi ya faro daga wajen ƙarfe 3 inda kan wani yake, ko daga gefe ya nufi tsakiya. Fenti ya yi ƙuraje ko yana ɓarewa. Kore-kore a gindin lambobi, wato tagullar ce ke ciwo. Sinadarin hasken ya yi baƙi kamar toka. Wannan ba ya ƙara ko kwabo, rage kuɗi yake yi. Kuma in fuska ta sha ruwa, a duba inji, da wuya a rasa tsatsa.

22/ Sharaɗi na biyu: agogon kansa sai ya zama wanda ake nema. Fatina tana ninka darajar da ke akwai ne. Seiko 5 na yau da kullum an ƙera shi miliyoyi, a kasuwar duniya 'yan gomomin daloli ne. Ko ya dafe da kyau, ba zai saya maka fili a Sakkwato ba. Kar wani ya ga labarin miliyan 3 ya hana kansa barci. A kan Omega, Rolex, Longines da wasu Seiko na masu ninƙaya ne tazarar ke zama babba.

23/ In za a jera su daga sama zuwa ƙasa a idon mai tarawa, ga yadda suke. Fuskar asali mai tsabta, da fuskar asali mai launin tsufa daidai, su ke sama, wani lokaci ta biyun ta wuce ta farkon. Sai fuskar da kamfani da kansa ya canza a wajen sabis: ta gaske ce, amma ba ta zamanin agogon ba. Can ƙasa sai wadda aka sake wa fenti. A agogo mai tsada, sake fenti yakan zubar da rabin kuɗin ko fiye, wasu masu sayen ma ko tayawa ba sa yi.

24/ To mu ɗauki agogo ɗaya mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara an buɗe adakar wani marigayi a Gandi za a raba gado, aka sami Seiko 5, fuskar ta yi kalar zuma. Wani cikin magada ya ce a gyara shi ya yi kyau kafin a yi masa kuɗi. Kayan binciken da ake buƙata uku ne: kyamarar waya, hasken rana, da 'yar tocilan mai shuɗin haske irin ta duba jabun kuɗi.

25/ Mataki na farko, juya bayansa. A murfin Seiko akwai lambobi iri biyu. Ɗaya mai gida biyu ce da ɗan layi a tsakani, gidan farko shi ne lambar inji, a misalinmu 6309. Ɗayar mai lamba shida ce, ita ce ranar haihuwarsa. Lambar farko ƙarshen shekara ce, ta biyu wata: 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, O Oktoba, N Nuwamba, D Disamba.

26/ A ce namu ya fara da 9N. Wato Nuwamba, a shekarar da ta ƙare da 9. Wace ce, 1969, 1979 ko 1989? Injin ne zai raba gardama. An ƙera 6309 daga 1976 zuwa wajen 1988, don haka 1979 ce kaɗai ta shiga. In iyali sun ce Alhaji ya sauke farali a 1980 ko 1981, magana ta haɗu. In kuma ranakun mako a 'yar tagar suna fitowa da Larabci da Turanci, to na kasuwar ƙasashen Larabawa ne. Shaida ta ƙaru.

27/ Mataki na biyu, ƙasan fuska, daidai ƙarfe 6. Ɗauki hoto ka zuƙo shi. Akwai ƙaramin rubutu da ke ɗauke da lambar inji da lambar fuskar. Lambobi huɗu na farko dole su zama 6309, daidai da na murfi. Na bayansu ba sai sun yi daidai da na murfi ba, domin fuska da jiki kowa da lambarsa, kar wannan ya tsorata ka. In rubutun babu shi sam, ko ya yi kauri ya cakuɗe, an taɓa fuskar.

28/ Mataki na uku, sunan kamfani da layukan mintoci. Bugun masana'anta siriri ne, bakinsa kaifi, haruffa tsayinsu ɗaya. Na mai sake fenti yakan yi kauri, tawadar ta ɗan malala. Duba ko kowane layin minti 5 ya zauna daidai tsakiyar sandar ƙarfen da ke nuna sa'a. Duba gefen sandunan da bakin tagar kwanan wata: in fenti ya hau kansu, an yi aikin ne bayan an fito daga masana'anta.

29/ Mataki na huɗu, sinadarin haske. Shiga ɗaki mai duhu, haska tocilan ɗin, ka kashe. Na agogon 1979 ya riga ya gaji: ko ya ɗan yi haske ya mutu nan take, ko ya ƙi gaba ɗaya. In ya kama kore shar ya daɗe yana ci, sabon sinadari ne, irin wanda kamfanin Nemoto na Japan ya fito da shi a 1993. Sannan launin ɗigon da ke kan fuska da na hannuwa su yi kusa da juna, tunda tare suka tsufa.

30/ A agogon Suwizalan akwai ƙarin shaida a ƙasan ƙarfe 6. In ka ga T SWISS T ko SWISS T<25, sinadarin tiritiyom ne, wanda aka yi amfani da shi daga farkon shekarun 1960 zuwa wajen 1998. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara 12 da 'yan watanni. Bayan shekara 49 ya ragu sau huɗu ke nan, saura kashi 1 cikin 16. Fuska mai T da ke haske kamar fitila ƙarya take yi.

31/ Gargaɗi, wannan ba wasa ba ne. Agogunan da suka girmi farkon shekarun 1960 da yawa radiyom ne a fuskarsu. Ya daina haske, amma gubar na nan, domin sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Shi ne ya kashe 'yan matan da ke shafa shi a masana'antar agogo a Amurka a shekarun 1920, masu lasar bakin burushi. Kar a kankare irin wannan fuska, kar a hura ta da baki, kar yara su yi wasa da ita.

32/ Mu koma kan agogon Gandi. Lambobi sun haɗu, bugu siriri ne, haske ya mutu, launin zuma ya bazu daidai, babu tabon ruwa. Hukunci: fuskar asali ce, a bar ta. Abin da za a gyara shi ne inji: a wanke, a sa mai, a canza robobi. Gilashi in ya karce ana iya gogewa ko canzawa, kuma sau da yawa dattin da kake gani a gilashin yake. A yi masa kuɗi a haka, a gaban magada, kafin kowa ya taɓa shi.

33/ In ka je wajen mai gyara, ko a babbar kasuwar Sakkwato ko a Kano, faɗa masa a fili: "Malam, inji kawai za a duba. Fuska da hannuwa kar a taɓa, jikin ma kar a goge shi da inji. Duk abin da aka cire a ba ni kayana." Ɗauki hoton gaba da baya a gabansa. Ba rashin yarda ba ne. Shi a saninsa kyautata maka zai yi in ya goge, don haka sai ka faɗa.

34/ Kuskuren da aka fi yi a gida: auduga da fetur, ko sabulu, ko man goge baki, ko ruwan lemun tsami. Man ƙyallin da ya shekara 45 ya riga ya yi rauni. Shafa ɗaya zai ɗauke shi tare da rubutun, ka ga sunan kamfani ya bi auduga. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ƙura kawai ake cirewa, da 'yar robar hura iska, kuma aikin mai gyara ne.

35/ To yaushe sake fenti ke da hujja? In ruwa ya riga ya cinye fuskar, ba a karanta lokaci, fenti na zuba cikin inji yana tsayar da shi. A nan babu sauran asalin da za a kare. Ko a hakan, abin da ya fi shi ne a nemo fuskar asali daga wani mataccen agogo mai lamba iri ɗaya. In ba a samu ba, a sake fentin, ka ɗaura abinka ka tuna da Baba. Tsohuwar da aka cire kuma a nannaɗe ta a ajiye.

36/ Ga masu saye a intanet, hattara ta fuska biyu. Akwai tsofaffin Seiko 5, Citizen, Oris da HMT da ake sake wa fenti, da yawansu daga Indiya, kala-kala masu ɗaukar ido, ja, shuɗi, ruwan lemo, a saka su da sunan tsohon agogo mai tsabta. Agogo ya shekara 50, jikinsa duk ƙwarzane, fuska kuma sabuwa dal? Tambayi kanka. Araha ba ta ado.

37/ Ɗaya fuskar kuma, tunda tsufa ya zama kuɗi, an fara ƙirƙirarsa. Ana gasa fuska a tanda, ana shafa wa ɗigon haske shayi ko kofi don ya yi kalar madara. Yadda ake kama su: tsufan gaskiya ba ya zaɓe. In fuska ta yi shekara 60 amma hannuwa da faifan kwanan wata fari tas, ko launin ya taru a wuri ɗaya kamar an zuba, akwai magana. Nemi hoton baya, na inji, da na ƙasan ƙarfe 6. Wanda ya ƙi turowa ya ba ka amsa.

38/ Kai ma in za ka sayar, faɗi gaskiya. An sake fenti, ka ce an sake. An canza hannuwa, ka ce an canza. Akwai masu son agogo mai kyan gani don ɗaurawa ranar Juma'a ko biki, za su saya da saninsu a farashinsa. Ɓoyewar ce algus, kuma masu wannan harkar sun san juna, labari ba ya kwana.

39/ A taƙaice: fuskar asali da rana ta dafa daidai ta fi wadda aka sabunta daraja, in agogon na nema ne kuma sassansa tare suka taso. Wadda ruwa ya ci ba ta cikin wannan lissafin. Sabis ana sake shi gobe, fenti kuwa ba a janye shi, don haka in kana kokwanto, bari.

40/ Aikin gida: a je a gaida Hajiya, a nemi izini a buɗe adaka. Ku ɗauko hoton gaba da baya a hasken rana, ku rufe lambobi uku na ƙarshe da yatsa, ku ajiye a ƙarƙashin zaren nan mu karanta shekarunsu tare. Mutanen Gandi, Rabah, Wurno, Goronyo, ina jiran ku. Wanda ya san mai shirin kai agogon gado wajen fenti, ya tura masa wannan tun bai fita ba.